Makin 2.60 Ba Ya Faɗin Komai Shi Kaɗai

Duk ɗalibin da ya yi bincike a fannin ilimi a jami'o'inmu ya san wahalar babi na huɗu. Ya zaga makarantu, ya roƙi malamai sun cike masa takardun tambayoyi, yanzu ga su jibge a gabansa, sai ya mayar da su jadawalin da mai karatu zai gane.

Yawancin takardun nan an gina su ne a kan ma'aunin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932. Nasa zaɓi biyar ne, amma a nan an fi sabawa da huɗu: na yarda ƙwarai maki 4, na yarda 3, ban yarda ba 2, sam ban yarda ba 1. In aka tara makin huɗun aka raba huɗu za a sami 2.50. Daga nan ne aka samo iyakar da ɗalibai ke yanke hukunci da ita: abin da ya kai 2.50 an amince, abin da ya gaza an ƙi. Lissafin daidai ne, amma dogaro da shi kaɗai yana ɓoye gaskiya.

A ce malamai 100 ne suka amsa. Batu na farko: "Ina da isassun littattafan koyarwa." Malamai 45 sun yarda ƙwarai, 10 sun yarda, 5 ba su yarda ba, 40 sun ce sam. Jimillar makin 260, matsakaici 2.60. Batu na biyu: "Shugaban makaranta yana duba tsarin darasina." A nan 5 sun yarda ƙwarai, 55 sun yarda, 35 ba su yarda ba, 5 sun ce sam. Jimilla 260 ce kuma, matsakaici 2.60.

Ɗalibi mai gaggawa zai rubuta "an amince" a gaban duka biyun ya wuce. Alhali a batu na biyu malaman sun taru ne a tsakiya, ra'ayinsu bai yi nisa da juna ba. A na farko kuwa sun rabu gida biyu, kuma mutum 40 na cewa da babbar murya ba su da littattafai. Wataƙila malaman ƙauye ne, wataƙila na makarantun gwamnati ne, sai an raba amsoshin bisa wurin aiki za a sani. Ni a ganina nan ne zuciyar binciken take, kuma abin takaici ne a binne ta a ƙarƙashin kalma biyu.

Abin da ke tona wannan shi ne ma'aunin warwatsuwa, wato yadda amsoshi suka yi nisa da matsakaici. A batu na farko 1.40 ne, a na biyu 0.67. A ma'auni mai zaɓi huɗu, da zarar ya haura 1, ka koma ka dubi adadin da ya zaɓi kowace amsa. Shi ya sa jadawali nagari yake nuna yawan waɗanda suka amsa kowane batu, da adadi da kason kowane zaɓi, sannan matsakaici da warwatsuwa. A Excel, in amsoshin na cikin B2 zuwa B101:

```
=COUNTIF(B2:B101,4)
=AVERAGE(B2:B101)
=STDEV.S(B2:B101)
```

Na farko yana ƙirga masu maki 4, sai ka sauya lambar don sauran. A SPSS kuwa, Frequencies da ke ƙarƙashin Descriptive Statistics ne ke fitar da adadi da kaso.

Tun kafin lissafi ma akwai ramuka biyu. Malami ya tsallake tambaya, ɗalibi ya sa masa sifili. A ce mutum 90 ne suka amsa, jimillarsu 243: matsakaici 2.70 ke nan. Sifili goma na shiga ya koma 2.43, hukunci ya juye. Ka bar gurbin babu komai, AVERAGE ba ya lissafa shi, sannan ka rubuta cewa 90 ne suka amsa. In ka ga maki mafi ƙanƙanta a jerin ya zama 0, ko mafi girma ya zama 44, to hannu ne ya zame wajen shigarwa. Ka sa wa kowace takarda lamba tun farko don ka iya komawa gare ta.

Rami na biyu shi ne batun da aka rubuta a baibai, kamar "Ba na samun lokacin shirya darasi." Yarda da shi alamar matsala ce. Kafin ka haɗa shi da sauran don fitar da matsakaicin sashe, ka debe kowane maki daga 5: 4 ya koma 1, 3 ya koma 2. Ka bayyana a ƙasan jadawalin cewa ka juya shi.

Bayanin da ke biyo bayan jadawali kuma kada ya maimaita kowace lamba. Ka ce kashi 55 cikin ɗari na malaman da suka amsa suna da isassun littattafai, amma kashi 40 sun musanta hakan gaba ɗaya. Ka tsaya kan waɗanda ka tambaya, kada ka ce "malaman jiha". Dalilin rabuwarsu kuwa, a sashen tattaunawa za ka zanta shi.