Yadda ake gane man kaɗe mai kyau da yadda ake ajiye shi

Itacen kaɗe ba shi da yawa a ƙasar Maraɗi. Ya fi son inda ake samun ruwan sama sosai, kamar wajen Gaya a jihar Doso, da Najeriya, da Benin, da Burkina Faso. Ke nan man kaɗen da muke saye a babbar kasuwar Maraɗi ran Litinin ko ran Juma'a ya sha tafiya kafin ya iso mana. Ya ratsa hannuwa da yawa. Ba mu ga wadda ta dafa shi ba, ba mu san watan da aka yi shi ba. Shi ya sa sai mai saye ya iya bincike da kansa.

A fara da hanci. Man kaɗe mai kyau yana da ƙamshin ɗiyan kaɗe, wani lokaci da ɗan ƙamshin hayaƙi kaɗan. Wannan ba aibi ba ne. Amma in kun ji wari mai tsami yana hawa hanci, man ya tsufa. In kun ji ƙauri, an ƙona ɗiyan wajen suya. Kada ku shinshina saman curin kawai. Ku ce wa mai sayarwa ta ɓantaro maku daga ciki. Mai kaya na gari ba ta jin haushin wannan.

Sai a lakato kaɗan a murza a bayan hannu. Zafin jikin mutum ya isa ya narkar da man kaɗe. Mai kyau zai narke, ya bi fata, ba ya barin komi. In ya bar gari-gari ko ƙasa-ƙasa da ba ta narkewa, to akwai datti, ko an yi masa gauraye.

Launi kuwa yana ruɗin mutane. Wasu na cewa sai rawaya, wasu na cewa sai fari. Gaskiyar magana, man kaɗe na gargajiya fari ne mai ɗan duhu kamar madara, ko rawaya mai haske. Akwai wuraren da ake sa masa saiwar itace don ya yi rawaya sosai, kuma wannan bai ƙara masa kyau ba. Abin gudu shi ne mai launin toka, da mai ɗigo-ɗigon baƙi ko kore. Ɗigo-ɗigon nan fumfuna ce.

Babban abin da ke kashe man kaɗe shi ne ruwa. Da ruwa ake kwaɓa shi, da ruwa ake wanke shi, kuma in ba a dafa shi ya tsane ba, ruwan yana ɓoye a ciki. Ido ba ya ganinsa. Ga shi yana ƙara nauyi a sikeli, sai mutum ya sayi ruwa da kuɗin mai. Bayan ƴan watanni kuma ruwan nan ya jawo wari da fumfuna.

Gwajin ba wuya. A ɗebi cokali guda a zuba cikin busasshen kasko, a ɗora bisa garwashi. In ya narke shiru, babu ruwa. In ya kama tsartsatsi yana ƙara kamar an jefa ƙosai, akwai ruwa. Bayan haka a juye shi cikin kofin shayi na gilashi, a ɗaga wajen haske. Mai tsabta garau yake. Datti kuwa zai kwanta a ƙasan kofin, kowa ya gani.

To, a ce wata mata a Tibiri ta sayi kilo 2 don shafa wa yara da hunturu. Ta zo gida ta gwada, ta ji yana tsartsatsi. Ba sai ta zubar ba, muddin bai fara wari ba. Sai ta zuba shi duka cikin tukunya mai tsabta, ta sa wuta kaɗan-kaɗan har ya narke. Ta sauke, ta rufe, ta bar shi kamar rabin awa. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka ruwa da datti za su koma ƙasa. Sai ta kwashe na sama a hankali da busasshen ludayi, ta bar na gindin. Ta mayar da wanda ta kwashe bisa wuta marar ƙarfi, tana motsawa, har ƙarar ta ɗauke. Da ta ji shiru sai ta sauke. In ta bari ya fara hayaƙi, ta ƙona shi. Yara su yi nisa da murhu lokacin nan, don mai mai zafi yana fallatsa.

In ya ɗan huce sai ta tace da farin ƙyalle busasshe. Za ta ga ya ragu, bai cika kilo 2 ba. Abin da ya fita dama ba mai ba ne. Sai ta raba shi biyu. Mai yawan ta zuba a mazubi mai murfi, ta cika shi har baki don kada iska ta samu wurin zama. Ta jira ya huce sarai kafin ta rufe, in ba haka ba gumi zai taru a murfin ya ɗiga ciki. Ɗan kaɗan kuma ta sa a ƙaramin gwangwanin roba na shafawar kullum. Yara su sa yatsa a ƙaramin. Babban sai da busasshen cokali.

Ina za a ajiye shi? A ɗaki mai inuwa, a ƙasa, nesa da murhu da taga. Kusa da randar ruwa akwai sanyi, amma a tabbata murfin ya kama. Kwalba ko langa marar ƙuje ko roba mai kauri duk suna yi. Gwangwani mai tsatsa da kwanon jan ƙarfe suna hanzarta ɓacin mai. In an kiyaye haka, man kaɗe yana iya shekara bai canza ba.

Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafin Maraɗi yana wuce digiri 40. Man zai narke da rana, ya sake daskarewa da dare, sai ku ga ya yi tsaki-tsaki. Mutane da yawa na zaton ya lalace. A murza a hannu. In tsakin ya narke kuma babu wari, man lafiya lau yake.

Man gujiya, da na riɗi, da manja, su ma abokan gabansu ke nan: ruwa, iska, rana da tsatsa. Sai dai man gujiya ya fi man kaɗe saurin juyawa, don haka kada a sayi wanda ya wuce na wata 2 ko 3. Kwalbar da ta yini cikin rana bisa tebur tana ƙyalli, tana jawo ido, amma rana tana cin man. Ku nemi na cikin inuwa. Ku ɗanɗana ɗigo guda: in ya yi ɗaci ko maƙaƙi a wuya, ya tsufa.

Matan da ke matsar mai su yi ƙuli-ƙuli, a Jiratawa ko cikin gari, aikinsu yana farawa tun wajen tsintar gujiya. A fitar da ruɓaɓɓa da mai fumfuna, don tana ɗauke da dafi mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Sabon mai a bar shi kwana 2 ko 3 ya kwanta, a tsiyaye na sama, a bar gwiɓin. Kada a zuba sabo bisa ragowar tsoho, kuma wanda aka yi suya da shi a ware masa kwalbarsa. Bidon da ya taɓa ɗaukar man mota ko maganin ƙwari, ko an wanke shi sau goma da sabulu, ba a zuba man ci a cikinsa.