Wasan Ya Hau Waya Amma Ya Ƙi Buɗewa: Ina Aka Ajiye OBB?

Aboki ya turo maka GTA San Andreas ta Xender, wasan ya hau lafiya, amma kana buɗe shi sai baƙin allo, ko ya ce sai ka sauke wasu bayanai. Galibi wayar lafiyarta ƙalau, rabin kayan ne bai isa mazauninsa ba.

Shekaru da dama Google Play ba ya karɓar fayil ɗin APK da ya wuce megabait 100, shi ya sa masu manyan wasanni suke zuba taswira, muryoyi da hotuna a wani fayil daban mai suna OBB. Wasan kuwa wuri ɗaya tak yake neman sa.

Idan a dunƙule ya zo, wato zip, warware shi da ZArchiver. Sai ka kai fayil ɗin cikin wannan folda a ma'ajiyar wayar kanta, ba katin memori ba:

```
Android/obb/com.rockstargames.gtasa/
```

Kada ka buɗe wasan sai ka gama kwafewa. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne folda cikin folda: warwarewar ta ƙirƙiro wata mai suna iri ɗaya, OBB ɗin ya nutse ciki. Leƙa ka gani. Ana buɗe foldar ya kamata a tarar da fayil mai farawa da `main`. Lambar da ke bin wannan kalma kuma ta sigar wasan ce, kada ka taɓa ta. OBB na wata siga ba lallai ya yi aiki da APK ɗinka ba, don haka ka karɓo su tare daga hannu ɗaya.