Biyan Bashin Banki Kafin Wa'adi: Abin Da Ke Kan Takarda Daban, Abin Da Za A Karɓa Daban

'Yan'uwa fatake, duk lokacin da kasuwar salla ta yi kyau, tireloli suka sauke a Legas ko Fatakwal kuɗi suka dawo, abu na farko da ke zuwa wa mai bashin banki a zuci shi ne ya je ya sauke nauyin nan gaba ɗaya ya huta. Sai ya ɗauko takardar lissafin da banki ke ba shi duk wata, ya dubi adadin da ke ƙasa, ya ƙirga daidai wannan ya nufi banki. Yana isa sai ma'aikaci ya danna na'ura ya faɗa masa wani adadin daban. Daga nan sai cacar baki, wani har ya rantse an cuce shi. A mafi yawan lokuta ba cuta ba ce, lissafi biyu ne da kowanne ke amsa tambayarsa. Takardar wata tana gaya maka inda bashi ya tsaya ranar da aka buga ta, bisa zaton za ka ci gaba da biya wata-wata. Adadin rufe bashi kuwa shi ne abin da banki zai karɓa a wata rana takamaimai ya yage yarjejeniya. Yana iya fin na takarda, yana iya kasa shi.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani falke a Maraɗi ya karɓi rancen sefa miliyan 6 na wata 12 don sayen shanu, a kan ruwa 12 cikin ɗari a shekara, wato 1 cikin ɗari a wata, kuma ruwan yana hawa ne a kan abin da ya rage kawai. Duk wata yana mayar da jika 500 na uwar kuɗi (jikar sefa nake nufi, ba jakar naira ba) tare da ruwan watan. Watan farko ruwan jika 60 ne, na biyu 55, haka yake sauka da jika biyar-biyar har wata na ƙarshe ya zama jika 5. Ya biya sau biyar, sai ya sayar da kaya, yana son ya rufe.

Uwar kuɗin da ta rage miliyan 3 da rabi ce. Wani bankin wannan kaɗai zai rubuta a takarda: 3,500,000. Wani kuma zai haɗa da ruwan wata bakwai da suka rage, wanda ya kama jika 140, ya rubuta 3,640,000. Bashi ɗaya ne, mutum ɗaya, amma takarda biyu. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa takardarka ita ce: wannan adadin uwar kuɗi ce tsura, ko an cusa ruwan gaba a ciki? Gane wannan ba wuya. Ka ninka abin da ya rage maka na biyan wata-wata, ko ka tara su daga jadawalin biya da aka ba ka ranar sa hannu. In jimlar ta yi daidai da adadin takarda, to da ruwan gaba a ciki. In ta fi shi, uwar kuɗi ce kaɗai aka nuna maka.

To yanzu falken namu ya shiga banki kwana 18 bayan biyansa na biyar. Ruwa ba ya jiran ƙarshen wata, kullum yake hawa, sai dai ba a rubuta shi a takarda sai wata ya cika. Bankuna da yawa suna lissafin shekara da kwana 360. A kan miliyan 3 da rabi, ruwan kwana ɗaya ya ɗan haura sefa 1,166, na kwana 18 ya zama jika 21. Wannan na farko ke nan. Na biyu shi ne tarar biya kafin wa'adi. Banki ya ba da kuɗinsa ne da sa ran cin ruwan shekara guda, ka zo ka katse masa, shi ya sa da yawansu ke sa wani sharaɗi a yarjejeniya cewa mai rufewa da wuri zai biya wani kaso na abin da ya rage. A ce a tasa yarjejeniyar 2 cikin ɗari ne, jika 70 ke nan. Idan aka haɗa, abin da za a karɓa ya zama 3,591,000, ban da harajin da gwamnati ke ɗorawa a kan ruwa da kuɗin hidimar banki, wanda kowace ƙasa da nata.

Mai takarda ta farko zai ga an ƙara masa jika 91, ya fita yana faɗa. Mai takarda ta biyu zai ga an rage masa jika 49, ya fita yana sa wa banki albarka. Alhali kuɗi ɗaya suka biya.

Jika 49 ɗin nan ita ce ainihin ribar rufewa da wuri a wannan misali, kuma ita ya kamata mutum ya auna kafin ya zare miliyan 3 da rabi daga jarinsa. Abin lura shi ne ribar tana narkewa da sauri, domin ruwa mai nauyi a watannin farko yake. Da a ce bayan biya na tara ya zo, saura miliyan 1 da rabi, ruwan da ya rage jika 30 ne kacal, tarar ita ma jika 30. Babu abin da ya tsira da shi, in ma ya ƙara kwana ɗaya asara ce. A ganina, wanda ya kai wannan matsayi, in ba takardar gidansa yake son karɓowa ba, ko wani sabon rance yake nema, gara ya bar kuɗin su ƙara zagaye ɗaya tsakanin kara da kudu. Wanda kuwa bashin ne ke hana shi barci, wannan wani lissafi ne da ba a yin sa da alƙalami.

Inda abin ya fi zafi shi ne rancen da ake yanke ruwansa tun farko a kan dukan kuɗin, irin wanda ake samu a wasu ƙananan asusun ba da rance. A nan ma za a ce maka 1 cikin ɗari a wata, amma a kan miliyan 6 ɗin gaba ɗaya har ƙarshe, ko da ka biya rabi. Ruwan shekara ya zama jika 720 maimakon 390 na misalin farko. Duk wata kana biyan jika 560, bayan biya biyar takarda za ta nuna 3,920,000. Nawa za a yafe maka in ka rufe yau? Amsar tana cikin yarjejeniya, kuma hanya uku ce. In an raba ruwan daidai wa daida, za a cire na wata bakwai, jika 420, ka biya miliyan 3 da rabi. In yarjejeniya ta ce babu ragi, za ka biya 3,920,000 cif, ka ba su kuɗinsu da wuri a banza.

Ta ukun ita ce wadda ake kira ƙa'idar 78, kuma ita ce ke rikita mutane. Ana tara lambobin watanni daga 1 zuwa 12, su ba da 78, sai a raba ruwan kashi 78. Watan farko ya ɗauki kashi 12, na biyu 11, har na ƙarshe ya ɗauki 1. Wata biyar na farko sun riga sun cinye kashi 50, saura 28. Ragin da za a yi maka ke nan kashi 28 cikin 78 na jika 720, wajen jika 258 da rabi. Za ka biya kusan 3,661,500. Tsakanin wannan da rabon daidai wa daida akwai fiye da jika 160, kuɗin da kowane falke ya san abin da zai saya da su a tike.

Masu hulɗa da bankin Musulunci su ma kada su ɗauka abin bai shafe su ba. A cinikin murabaha banki ne ke sayen kaya ya sayar maka da riba sananniya, farashin gaba ɗaya ya zama bashi a kanka tun ranar ciniki. Don haka adadin da ke takarda shi ne bashin, ba ya hawa da kwana, amma kuma ragi ba haƙƙinka ba ne da za ka buga tebur a kansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta a rage wa mai bashi wani abu don ya biya da wuri, matuƙar ba a sharɗanta hakan tun farko ba. Ke nan sai ka nema, ka ji abin da za su yi maka, sa'an nan ka yanke shawara.

Mu da ke tsallaka iyaka muna da wata matsala ta daban, ita ce kwanaki. Adadin rufe bashi na rana ɗaya ne, ko na 'yan kwanakin da aka rubuta. Mutum zai bugo waya daga Mai'aduwa ko Jibiya a faɗa masa adadi ranar Litinin, kafin dillali ya gama tattaro masa kuɗi, 'yan canji su juya naira zuwa sefa, ya iso banki, mako ya shige. A misalinmu na farko mako guda ya ƙara fiye da jika 8. Ya zuba tsohon adadin ya koma daji, bashi bai rufu ba. Ɗan guntun nan zai zauna yana tara ruwa, daga baya ya tara tarar jinkiri, sunan mutum ya shiga cikin masu bashin da ba su biya ba, wanda ya tsaya masa ma a riƙa nemansa. Shi ya sa ya kamata ka nemi adadin a rubuce, da ranar da zai ƙare, da abin da kowane kwana ke ƙarawa, kuma ka sa ranar da ka tabbata kuɗin za su iso ne ba ranar da kake fata ba.

Haka kuma zuba kuɗi a asusunka ba shi ne rufe bashi ba. In ba ka rubuta takardar neman rufewa ka sa hannu ba, kuɗin za su kwanta a asusu, banki ya ci gaba da cirar na wata-wata da ruwansa kamar ba abin da ya faru. Wasu yarjejeniyoyin ma sun ce sai ka ba da sanarwa tun kafin wasu kwanaki.

Kafin ka biya, ka sa a karanta maka adadin layi-layi, ka tambayi abin da ke naka a hannunsu. In an riƙe maka ajiyar dole a matsayin jingina ranar ba da rance, za a cire ta daga adadin ne ko sai daga baya za a sake ta? In an karɓi kuɗin inshorar shekara guda tun farko, akwai abin da zai dawo na watannin da suka rage? Bayan ka biya kuma kada ka fita da rasidi kawai. Ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, mai hatimi da kwanan wata, ka karɓi takardar gida ko ta fili da ka ajiye, a kuma ba wanda ya tsaya maka tasa shaidar cewa an sake shi.