Awa Ɗaya Kafin a Raba Takardar Jarrabawa

Duk malamin da ya taɓa sa ido a ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO ya san irin ɗalibin nan: ya yi karatu, a aji ma shi ke koya wa wasu, amma ana raba takarda sai ya zuba mata ido kamar bai taɓa ganin lissafi ba. Idan ya fito sai ka ji yana cewa, "Wallahi kaina ne ya ɗauke." Gaskiya ya faɗa, kuma galibi tun awa guda kafin a shiga abin ya fara, lokacin da yake tsaye a bakin ɗakin gabansa na dukan uku-uku.

Abu biyu ne ke faruwa a wannan awar. Na farko a jiki yake: sinadarin adiranalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe. Wannan shiri ne jiki ke yi, kuma matsakaicinsa yana kaifafa hankali. Na biyun shi ne mai ɓarna. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe abu na ɗan lokaci yayin da ake aiki da shi ƙarami ne, kamar allon ɗan makaranta, layi kaɗan yake ɗauka. Idan "zan faɗi" da "me zan ce wa Baba" suka cika shi, babu wurin da lambobi za su zauna. Karatun yana nan, wurin aiki da shi ne aka cinye.

Da jiki ake farawa, domin wanda ke haki ba ya jin lallashi. A nan ne kuma shawarar da aka saba bayarwa, wato "ja dogon numfashi", take iya cutarwa. Mai firgici dama yana numfashi da sauri fiye da buƙata. Idan ya ƙara zuƙar iska da ƙarfi a kai a kai, iskar kabon dayoksaid da ke jininsa za ta ragu, sai jiri ya kama shi, yatsu da leɓɓa su fara tsikari, ya ƙara tsorata. Maganin yana wajen fitar da iska. Duk lokacin da mutum ya saki numfashi a hankali, bugun zuciyarsa yakan ɗan lafa, saboda jijiyar da ke rage wa zuciya gudu ta fi aiki a lokacin.

Mu ɗauki ɗalibar ajin ƙarshe na sakandare da za ta rubuta lissafi da ƙarfe tara. Da ƙarfe takwas ta rufe littafi, ta duba biro da fensir da na'urar lissafi da katin shaida, ta zaga bayi, ta kurɓi ruwa. Sannan ta ja gefe daga dandazon ƙawaye masu tambayar juna "kin karanta kaza?", domin tambayar nan ba ta ƙara wa kowa komai a wannan lokaci sai faɗuwar gaba. Ta zauna, ta ɗora hannu a cikinta. Ta shaƙi iska ta hanci tana ƙirga huɗu a zuci, cikin ya ɗago, kafaɗu su tsaya a inda suke. Ta sake ta ta baki a hankali tana ƙirga shida. Daƙiƙa goma ke nan, numfashi shida a minti ɗaya, alhali babban mutum a zaune yakan yi tsakanin 12 da 20. Minti biyar sun isa. Idan ƙirga shida ya yi mata tsawo har tana kokawa, ta koma uku da biyar. Alamar aiki na ci ita ce kafaɗu su sauka, haƙora su daina cije juna, wani lokaci har hamma ta zo. Idan jiri ta ji, to iskar da take ja ta yi yawa, sai ta rage.

Zuciyar ba za ta koma kamar ta mai barci ba, kuma ba a son hakan. A nan ne gyaran tunani ke shigowa. A 2010 Jeremy Jamieson da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji da suka yi da masu shirin jarrabawar GRE a Amurka. An gaya wa wasu cewa bugun zuciyar da suke ji zai iya taimaka musu, sauran ba a ce musu komai a kai ba, kuma na farkon sun fi cin maki a ɓangaren lissafi. Don haka ɗalibarmu, maimakon ta ce "na shiga uku, ga hannuna na rawa", sai ta ce "jikina ne ke shirin aiki."

Sharaɗin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci shi ne maganar da za ta gaya wa kanta ta zama gaskiya. "Zan cinye komai" ba ta zama a zuciyar da ta san akwai babin da ba ta gane ba. Sai ta kama tunanin da ke cin ta, ta yi masa tambaya. Tunanin ya ce, "Ban iya komai ba." Shin haka ne? Ta yi tambayoyin shekarun baya, aljabara da ƙididdiga suna zuwar mata, lissafin da'ira ne ke ba ta wuya. Ashe babi ɗaya ne, ba duka ba. Tunanin ya ce, "Idan tambayar farko ta gagare ni, shi ke nan." Amsa: ta tsallake ta, ta fara da wadda ta sani, kuma a rubutacciyar jarrabawar lissafi ana ba da maki kan matakan aiki ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Jimlar da za ta shiga da ita ke nan: "Na san da yawa, zan fara da mai sauƙi, zan nuna aikina." Mai addu'a ya yi addu'arsa a nan cikin natsuwa, ba ta cin karo da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Idan tunanin ya ƙi barin ta, ta rubuta shi. Gerardo Ramirez da Sian Beilock sun nuna a mujallar Science a 2011 cewa ɗaliban da suka yi minti goma suna rubuta fargabarsu daf da jarrabawa sun fi yin ƙoƙari, musamman waɗanda tsoron jarrabawa ya saba kamawa. Amma a kula sosai: ta yaga takardar ta jefar kafin a fara binciken shiga, domin mai sa ido ba zai tsaya karanta abin da ke ciki ba, kuma zargin satar amsa ya fi fargabar muni.

Bayan ta zauna a kujerarta, numfashi uku masu dogon saki kafin ta juya takarda sun wadatar. Idan kai ya ɗauke a tsakiyar aiki, ta ajiye biro ta maimaita. Rabin minti ne.

Duk wannan ba ya sa wa mutum abin da bai karanta ba, kuma bai kamata ranar jarrabawa ta zama ranar gwajin farko ba. A riƙa yin numfashin minti biyar kullum tun mako biyu kafin lokaci, musamman daf da zaman tambayoyin baya da agogo a gaba. Mai asma ya riƙe maganin shaƙarsa kusa, kada ya ɗauki toshewar ƙirji a matsayin tsoro kawai. Wanda kuwa fargabar ke hana shi barci na makonni, ko take sa shi amai ko suma, iyayensa su kai shi ga likita ko mai ba da shawara na makaranta tun jarrabawar na nesa.