Kwatanta Tayin Rance a Jadawali Guda: Kuɗin Ruwa, Caji, Wa'adi da Jimillar Abin da Mai Karɓa Zai Biya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake jera tayin rance mabambanta a jadawali guda domin a gane wanda ya fi sauƙi ga mai karɓa. An yi amfani da misalin rancen Naira 500,000 daga wurare uku. Maƙalar ta nuna cewa adadin ruwan da ake tallatawa bai isa ma'auni ba, domin tayin da ya fi ƙarancin ruwa a baki yana iya zama mafi tsada a aljihu. Ta kuma nuna inda jimillar kuɗi take da amfani wajen kwatance da inda take ɓatar da mai lissafi.

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai bashin banki ya sha bamban da na tsakanin 'yan'uwa, domin farashi gare shi, kuma ba a wuri ɗaya ake rubuta farashin ba. Wani ɓangare yana cikin kuɗin ruwa, wani yana cikin cajin da ake zarewa tun kafin kuɗi su shiga hannu, wani kuma yana ɓoye cikin tsawon wa'adi. Ga shi kowane mai ba da rance da irin bakin da yake faɗin nasa: wannan ya ce kashi kaza a shekara, wancan ya ce kashi kaza a wata. Amfanin jadawali shi ne ya tilasta wa kowane tayi amsa tambayoyi iri ɗaya, da ma'auni iri ɗaya.

2.0 Abin da Jimlar "Kashi Biyu Cikin Ɗari" Take Ɓoyewa

Idan aka ce ruwan rance kashi 2 cikin ɗari ne, jimlar ba ta cika ba sai an amsa tambayoyi biyu: na wane tsawon lokaci, kuma kashi 2 na mene ne? Tambaya ta biyu ce aka fi mantawa da ita, alhali nan ne babban bambanci yake. Hanyoyi biyu ake bi wajen lissafin ruwa.

Ta farko ita ce lissafi kan ragowar bashi. A nan, kowane wata ana ɗora ruwa ne kan abin da ya rage ba a biya ba. Yayin da uwar kuɗi take raguwa, ruwan ma sai ya riƙa raguwa. Ta biyu ita ce lissafin bai-ɗaya, inda ake ɗora ruwa kan uwar kuɗin farko gaba ɗayanta, tun daga watan farko har na ƙarshe, tamkar mai rance bai mayar da ko kwabo ba. Wanda yake biya wata-wata har tsawon shekara, idan aka ɗauki matsakaici, abin da yake riƙe da shi bai wuce rabin uwar kuɗi da 'yan kai ba. Saboda haka ruwan bai-ɗaya yakan kusanci ninki biyu na abin da sunansa ya nuna idan aka mayar da shi ma'aunin ragowar bashi.

Caji kuwa shi ne duk kuɗin da ba ruwa ba, kamar kuɗin gudanarwa da na inshora da na takardu. Jagoran caje-cajen bankuna da Babban Bankin Nijeriya ya fitar, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2020, ya ƙayyade cewa kuɗin gudanarwar rance a bankunan kasuwanci kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari na uwar kuɗi, kuma sau ɗaya ake karɓarsa. Abin lura game da caji shi ne, sau da yawa daga cikin rancen ake zare shi. Ke nan mutum yana biyan ruwa kan kuɗin da bai taɓa riƙewa ba.

3.0 Misali: Tayi Uku a Kan Naira 500,000

A ƙaddara wani tela yana neman Naira 500,000 domin sayen keken ɗinki na surfani. Ya sami tayi uku, waɗanda aka ƙirƙiri alƙalumansu domin bayani kawai, kuma an bar haraji a gefe domin sauƙin lissafi. Tayin A ruwansa kashi 30 cikin ɗari ne a shekara kan ragowar bashi, na wata 12. Tayin B kashi 2 cikin ɗari ne a wata, bai-ɗaya, shi ma na wata 12. Tayin C kashi 28 cikin ɗari ne a shekara kan ragowar bashi, amma na wata 24. A dukkansu ana zare caji tun farko.

*Jadawali na 1: Kwatancen tayi uku (kuɗi a Naira)*

| Abin dubawa | Tayin A | Tayin B | Tayin C |
|---|---|---|---|
| Ruwan da aka faɗa | 30% a shekara | 2% a wata | 28% a shekara |
| Hanyar lissafi | ragowar bashi | bai-ɗaya | ragowar bashi |
| Wa'adi | wata 12 | wata 12 | wata 24 |
| Caji | 10,000 | 15,000 | 10,000 |
| Abin da ya shiga hannu | 490,000 | 485,000 | 490,000 |
| Biyan wata | 48,744 | 51,667 | 27,444 |
| Jimillar ruwa | 84,928 | 120,000 | 158,656 |
| Jimillar tsada (ruwa da caji) | 94,928 | 135,000 | 168,656 |
| Haƙiƙanin ruwa a shekara | kimanin 34% | kimanin 48% | kimanin 30% |

3.1 Tayin A da Tayin B: wa'adi ɗaya, tsada daban

Wanda ya ninka kashi 2 sau 12 zai sami kashi 24, sai ya ɗauka Tayin B ya fi Tayin A araha da maki shida. Jadawalin ya nuna akasin haka, kuma dalilin yana bayyana idan aka bi watannin ɗaya bayan ɗaya. A Tayin A, ruwan wata kashi 2.5 ne. A watan farko telan zai biya ruwan Naira 12,500, sauran Naira 36,244 na biyansa su rage uwar kuɗi zuwa Naira 463,756. A wata na biyu ruwan ya sauka zuwa Naira 11,594, kuma haka zai yi ta sauka har ya koma kimanin Naira 1,189 a watan ƙarshe. A Tayin B kuwa, Naira 10,000 ne ruwan kowane wata, har da watan ƙarshe, lokacin da abin da ya rage na uwar kuɗi bai wuce Naira 41,667 ba. Idan aka haɗa da caji, telan zai yi asarar ƙarin Naira 40,072 in ya bi sunan ruwa ya zaɓi Tayin B.

Tun da uwar kuɗi ɗaya ce kuma wa'adi ɗaya ne, layin jimillar tsada kaɗai ya isa ya raba gardama tsakanin waɗannan biyu.

3.2 Tayin C: inda jimillar tsada ba ta wadatar ba

Tayin C shi ne ya fi kowanne yawan jimillar tsada, amma kuma shi ne ya fi ƙarancin haƙiƙanin ruwa. Babu karo tsakanin waɗannan alƙaluma biyu. Kuɗinsa sun yi yawa ne domin an riƙe rancen shekara biyu, kamar yadda hayar shago mai araha ta shekara biyu za ta iya zarce hayar shago mai tsada ta shekara guda. Don haka idan wa'adi ya bambanta, ba a yanke hukunci da jimilla kaɗai. Sai an haɗa da haƙiƙanin ruwa da kuma biyan wata.

A nan ne halin mai rance yake shigowa. Idan abin da telan zai iya warewa a wata bai wuce Naira 35,000 ba, to A da B sun fita daga lissafi, komai arahar A, domin gaza biya yana jawo tara, wani lokaci har da rasa jingina. Zai ɗauki C yana sane da cewa sassaucin wata-wata ya ci masa ƙarin Naira 73,728 a kan A. Idan kuwa yana iya fitar da Naira 50,000 a wata ba tare da ya taɓa jarinsa ba, A ne ya fi dacewa da shi.

4.0 Yadda Ake Fitar da Haƙiƙanin Ruwa

Layin ƙarshe na jadawalin ba ya dogara da abin da mai ba da rance ya faɗa. Abubuwa uku kawai yake buƙata: yawan watanni, biyan wata, da abin da ya shiga hannu bayan an zare caji. A manhajar Excel ko Google Sheets, ga yadda ake samun na Tayin B:

```
=RATE(12,-51667,485000)*12
```

Amsar za ta fito kimanin 0.48, wato kashi 48 cikin ɗari a shekara. Kuskuren da aka fi yi shi ne sanya 500,000 a madadin 485,000. Yin haka yana share tasirin caji, ya saukar da amsar zuwa kimanin kashi 42. Akwai kuma gwaji mai sauƙi ga wanda ba shi da manhaja: ya nemi takardar tsarin biya, ya dubi layin ruwa. Idan adadin bai sauya ba daga watan farko zuwa na ƙarshe, lissafin bai-ɗaya ne.

Wannan hanya tana aiki har ga cinikin murabaha na bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Bankin Jaiz. A can banki ne yake sayen kaya ya sayar wa mai buƙata da ribar da aka amince da ita, a biya a hankali. Hukuncinsa a shari'a daban yake da na rance mai ruwa, amma ta fuskar aljihu ana iya buɗe masa gurbi a jadawalin: farashin kayan hannu-da-hannu, ribar banki, caji, wa'adi da biyan wata.

5.0 Iyakokin Jadawali

Jadawalin ya ginu ne kan zaton cewa komai zai tafi yadda aka tsara. Sharuɗɗa uku suna iya rushe wannan zato, don haka ya kamata a rubuta su a ƙarƙashinsa. Na farko shi ne ajiyar dole: idan Tayin B ya shardanta a bar Naira 50,000 a asusu har a gama biya, abin da telan zai juya ya koma Naira 435,000, haƙiƙanin ruwa kuma ya haura, ko da za a mayar masa da ajiyar a ƙarshe. Na biyu shi ne biya kafin wa'adi: a lissafin ragowar bashi hakan yakan rage ruwa, amma a na bai-ɗaya ana iya neman ruwan dukkan watannin, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Na uku shi ne ko ruwan kafaffe ne ko mai sauyawa, domin idan banki yana da ikon ƙara shi a tsakiyar wa'adi, alƙaluman Tayin C na shekara biyu hasashe ne kawai.

6.0 Kammalawa

Misalin da aka bi ya nuna cewa kowane layi na jadawalin tambaya daban yake amsawa. Jimillar tsada tana raba tayin da wa'adinsu ya zo ɗaya, haƙiƙanin ruwa yana raba waɗanda wa'adinsu ya bambanta, biyan wata kuma yana nuna wanda mai rance zai iya ɗauka. Adadin ruwan da aka tallata shi ne mafi raunin shaida a cikinsu: a wannan misali ya gabatar da Tayin B a matsayin mafi araha, alhali kowace Naira da aka karɓa a ƙarƙashinsa ta fi ta sauran biyun tsada.