Hoton gwajin dalma: abin da launin rawaya ke faɗa da abin da ba ya faɗa

Ɗalibin da ya ɗauki hoton gwajin dalma da wayarsa, kafin ya tura wa 'yan ajinsu, ya kamata ya san me ke ciki. Kwalaben gwaji biyu ne a jere. Ta farko na ɗauke da narkakken Pb(NO₃)₂, ta biyu kuma tataccen ruwa zalla don kwatance. Idan aka ɗiga KI a kowacce, ta farko za ta fitar da laka rawaya, wato PbI₂. Ta biyu ba ta canjawa.

Manufar ita ce gano dalma a ruwa. Wannan ba baƙon zance ba ne ga ɗalibin Gummi, balle na Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe ɗaruruwan yara a 2010.

Shi ya sa sai da safar hannu da tabarau, malami na tsaye. Ba a zubar da ragowar a kwata, kuma ba a taɓa waya sai an cire safar an wanke hannu.

Kuskure kan fara daga kyamara: hasken ƙwan lantarki na sa ruwa ya yi rawaya a hoto. Maganinsa farar takarda a bayan kwalaben da hasken rana. Kwalba mai datti ma tana ɓata sakamako.

Babban kuskuren shi ne gwada ruwan rijiya, a ga babu laka, a ce lafiya lau. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya maikirogiram 10 ne a lita, kuma ruwan da ya ninka haka sau goma ma ba zai nuna rawaya a wannan gwajin ba.