Daga Ciwo Ake Neman Magani, Ko Daga Magani Ake Neman Ciwo?

Dabara kan zo ta ƙofa biyu. Wani matsala yake tasawa a gaba har ya samo mafita. Wani kuwa abin da hannunsa ya iya yake dubawa, sannan ya nemi inda zai yi amfani.

Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ta ƙofar farko ya shigo. Ya ga tumatir da alayyafo suna ruɓewa a ƙauyukan da babu lantarki, manomi na sayarwa da asara. Sai ya saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen ƙyalle. Ruwan na tsattsafowa yana bushewa, yana janye zafin ciki. Magina ya ba aikin. Wannan ya kawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Sai dai tukunyar tana son busasshiyar iska. Da damina sanyinta kan ragu.

Spencer Silver kuwa, masanin sinadarai a kamfanin 3M na Amurka, ya haɗa wani gam a 1968, mai kamawa a ɓamɓare ba tare da ɓata takarda ba. Shekaru ya yi yana neman mai buƙatarsa, kafin abokin aikinsa Art Fry ya ga zai riƙe alamar shafi a littafin waƙoƙin cocinsu. Sai 1980 takardun Post-it suka bazu a kasuwa.

A ganina hatsarin ƙofa ta biyu ya fi ɓuya, domin gwani yana son aikinsa. Alamar ita ce mutane su yaba, amma ba mai zaro kuɗi.